Kashi 3 na fulat ko kashi 4 a kan abin da ya rage: wanne ya fi sauƙi?

Tambaya: "Malam, ina sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Barci nan Kaduna. Ina son rancen naira 600,000 na shekara ɗaya in ƙara jari. Wani ƙaramin banki ya ce zai ba ni a kan kashi 3 cikin 100 duk wata, fulat. Wani kuma ya ce nasa kashi 4 ne duk wata, amma a kan abin da ya rage. Ni dai na ga 3 bai kai 4 ba, amma ɗana ya ce in dakata in tambaya tukuna. Mene ne bambancinsu, kuma wanne ya fi araha?"

Hajiya, Allah ya yi wa yaron nan albarka, domin dakatar da ke da ya yi zai iya tsare miki kusan naira dubu hamsin zuwa sittin. In dai sauran sharuɗɗan iri ɗaya ne, mai kashi 4 ɗin ya fi araha. Na yi shekaru ina aikin lissafin rance, kuma a wannan gaɓar na fi ganin 'yan kasuwa suna zamewa, har da waɗanda ba a iya cutarsu da ko sisi a wajen ciniki. Laifin ba na ƙwaƙwalwarsu ba ne. Kashi 3 da kashi 4 ɗin nan ba da mudu ɗaya aka auna su ba, shi ya sa ba a jera su a ce wannan ya fi wancan.

Bari mu fara da fulat. Mai ba da rancen zai ɗauki uwar kuɗin da ya ba ki ranar farko, wato naira 600,000, ya fitar da kashi 3 cikin 100, ya sami naira 18,000. Wannan 18,000 ita ce kuɗin ruwan kowane wata daga na farko har na goma sha biyu, ba ta motsi. A shekara ta zama naira 216,000. Sai a haɗa da uwar kuɗi, jimla 816,000, a raba gida goma sha biyu, ki riƙa biyan naira 68,000 duk wata. A cikin 68,000 ɗin nan, 50,000 uwar kuɗi ce kike mayarwa, 18,000 kuma ruwa.

To ki lura da abin da ke faruwa a ƙarƙashi. Tunda duk wata kina mayar da 50,000, kuɗinsu da ke hannunki raguwa yake yi. A wata na biyu 550,000 ne a wajenki. A wata na bakwai ya koma 300,000, rabin abin da kika karɓa, amma har yanzu 18,000 kike biya, wanda a kan 300,000 ya zama kashi 6 ke nan. A wata na ƙarshe naira 50,000 kaɗai ta rage, kuma a kanta za ki biya 18,000. Kashi 36 cikin 100 a wata guda. Watan farko ne kawai kashi 3 ɗin da aka faɗa miki ya kasance gaskiya.

Akwai misalin da nake yi wa mutane don abin ya zauna. Ki ɗauka kin kama hayar gida mai ɗaki goma sha biyu a Tudun Wada, kowane ɗaki yana matsayin naira 50,000 na rancen. Yarjejeniyarku ita ce duk ƙarshen wata ki kwashe kayanki daga ɗaki ɗaya ki miƙa wa mai gida makulli, shi kuma yana iya zuba wani ɗan haya a ciki washegari. A watan farko ɗaki 12 ne a hannunki, na biyu 11, na uku 10, haka har ya koma ɗaya. In kika tara 12 da 11 da 10 har zuwa 1, za ki sami 78. Wannan shi ne yawan hayar ɗaki ta wata-wata da kika mora da gaske. Mai fulat kuwa yana karɓar kuɗin ɗaki 12 sau 12, wato 144. Kin biya 144, kin kwana a 78. Sauran 66 ɗin hayar ɗakunan da kika riga kika mayar ce, wataƙila ma wani ne ke ciki yana biyan tasa hayar.

Mai lissafi a kan abin da ya rage, wanda ma'aikatan banki ke kira ridiyusin, kuɗin 78 ɗin kawai yake karɓa. Nasa ɗakin ya fi tsada, domin kashi 4 na 50,000 naira 2,000 ce, na mai fulat kuwa 1,500. Amma 2,000 sau 78 ya ba da naira 156,000, 1,500 sau 144 kuma ya ba da 216,000. Tazarar naira 60,000 ce. A aikace, watan farko za ki biya ruwa 24,000 a kan 600,000, na biyu 22,000 a kan 550,000, na uku 20,000, yana sauka da dubu bibbiyu har wata na ƙarshe ki biya 2,000 kacal.

Sai dai ridiyusin iri biyu ne, kuma ya kamata ki tambayi wanne suke nufi. Wanda na lissafa yanzu shi ne wanda uwar kuɗi ke tafiya daidai, 50,000 duk wata, ruwa yana raguwa. A wannan tsarin biyan farko yana da nauyi, naira 74,000, sannan ya yi ta sauƙi har na ƙarshe ya zama 52,000. Yawancin bankuna sun fi amfani da na biyun, inda ake daidaita biyan ya zama adadi ɗaya duk wata don sauƙin cira daga asusu. A rancenki zai kama naira 63,931 duk wata. A watan farko 24,000 daga ciki ruwa ne, 39,931 ne ke rage bashi, sai saura 560,069. A wata na biyu ana lissafa kashi 4 a kan wannan sauran, ruwa ya zama 22,403, abin da ke rage bashi ya hau zuwa 41,528. Haka rabon ke juyawa sannu a hankali, ruwa yana sauka, uwar kuɗi tana hawa. Jimlar ruwan shekara kusan naira 167,200 ce. Ya ɗan fi na farkon tsada saboda bashin bai saurin sauka a watannin farko, amma duk da haka ya gaza na fulat da kusan naira 48,800, kuma abin da zai fita daga aljihunki duk wata ya gaza 68,000 da fiye da dubu huɗu.

Wannan na biyun shi ke rikita mutane, domin a ido yana kama da fulat. Can biya ɗaya duk wata, nan ma biya ɗaya duk wata. Don haka kada ki yanke hukunci da ganin adadin wata bai canzawa. Ki nemi su buga miki jadawalin biya kafin ki sa hannu, takardar da ke nuna kowane wata da layinsa: nawa ne ruwa, nawa ne uwar kuɗi, nawa ya rage. In layin ruwa lamba ɗaya ce daga sama har ƙasa, fulat ne. In tana sauka, galibi ridiyusin ne, amma ki ƙara gwaji ɗaya don ki tabbata. Ki ɗauki jimlar duk abin da za ki biya, ki cire uwar kuɗi, ki raba sauran da yawan watanni, ki sake rabawa da uwar kuɗin. In amsar ta faɗo daidai a kan kason da suka ambata, fulat suka yi miki ko da me suka kira shi. Da 216,000 za ki ga ta faɗo a kashi 3 cif. Da 167,200 kuwa kashi 2.3 za ta ba ki, ƙasa sosai da kashi 4 da aka ambata, kuma wannan ce alamar ridiyusin na gaskiya.

Ki riƙe wannan 2.3 ɗin da kyau, domin makamin ciniki ne. Ma'anarta ita ce sai mai fulat ya sauko zuwa kashi 2.3 kafin ya yi kunnen doki da mai kashi 4. In kin fi son mu'amala da shi saboda kusa ne ko saboda kun saba, ga lambar da za ki taya.

Yanzu mu juya lissafin, mu ga nawa kashi 3 na fulat yake a mudun ridiyusin. Hanyar da ake yi da ka ita ce a ninka kason fulat sau biyu, a ɗan rage. In ana son a matsa kusa, ga ƙa'idar, inda n yake nufin yawan biya:

```
kason fulat × 2n ÷ (n + 1)
3 × 24 ÷ 13 = 5.5
```

Wannan ba wani sabon abu ba ne, 144 ɗin nan ne aka raba da 78. Tana ɗan wuce gona da iri kaɗan, domin ba ta kula da lokacin da kowace naira ta fita ba. Ainihin lissafin sai da na'ura, kuma ɗanki zai iya yi miki a wayarsa cikin Excel ko Google Sheets:

```
=RATE(12,-68000,600000)
```

Lambar farko yawan watanni, ta biyu abin da kike biya duk wata da alamar ragi a gabanta, ta uku abin da ya shigo hannunki. Amsar za ta fito kusan kashi 5.1 a wata. To ga kwatancen gaskiya: 5.1 da 4 ake jerawa, ba 3 da 4 ba. In aka ninka da watanni goma sha biyu, wanda ake tallata shi da kashi 36 a shekara ya tashi kusan 61, ɗayan kuma 48.

Na ce abin da ya shigo hannunki, kuma da gangan na faɗi haka, domin nan ne rami na biyu yake. Sau da yawa takarda tana cewa 600,000, amma abin da ke faɗowa asusu bai kai ba. Ana zare kuɗin gudanarwa, kuɗin inshora, wani wurin har da kuɗin fom. A ce an zare kashi 2, wato naira 12,000, kin karɓi 588,000 amma kina biya a kan 600,000. In kika canza lambar ƙarshe a lissafin RATE na sama zuwa 588,000, tsadar ta hau zuwa kusan kashi 5.4. Sannan ƙananan bankuna da yawa suna sharɗanta ajiyar dole, a ce ki bar kashi 10 a asusu ba za ki taɓa ba sai kin gama biya. Mutane suna cewa ai kuɗina ne, za a mayar mini. Haka ne, za a mayar, amma shekara guda kina biyan ruwa a kan naira 60,000 da ba ta sayo miki ko turmi ɗaya ba. Abin da ya shiga kasuwa 528,000 ne kawai, lamba ta huɗu kuma ita ce 60,000 da za a mayar miki a ƙarshe:

```
=RATE(12,-68000,528000,60000)
```

Wannan ya kusa kashi 6.5 a wata, fiye da ninki biyu na abin da aka faɗa miki a baki. Amma adalci shi ne ki yi wa mai kashi 4 ɗin irin wannan binciken, domin shi ma yana iya samun nasa zare-zaren. In nasa sun yi yawa, na mai fulat kuma babu, tazarar za ta tsuke. Shi ya sa tun farko na ce in sauran sharuɗɗan iri ɗaya ne. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idar cajin bankuna da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, wadda ta taƙaita kuɗin gudanar da rance a kashi 1 cikin 100, kuma ƙa'idojinsa na kare abokan hulɗa na 2019 sun wajabta wa masu lasisinsa su bayyana wa mai karɓar rance ainihin tsadarsa da duk cajin da ke ciki a rubuce. Neman wannan takardar ba roƙo ba ne, haƙƙinki ne. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a kan ba da jadawali, ni dai ba zan ba ki shawarar ki sa masa hannu ba.

Akwai wani wuri da bambancin ya fi ciwo, kuma ya shafe ki kai tsaye saboda irin sana'arki. Kasuwar atamfa tana da lokutanta. In Sallah ta zo, ko aka shiga watannin bukukuwa, kaya suka tafi, za ki iya samun kanki da kuɗin da zai rufe bashin tun a wata na shida. A ridiyusin mai biya ɗaya, bayan biya shida saura kusan naira 335,100. Kika biya wannan, magana ta ƙare, ruwan sauran watannin, kusan 48,500, ya faɗi da kansa domin babu sauran bashin da za a lissafa shi a kai, sai dai in yarjejeniyar ta sa wani caji na biya kafin wa'adi, wanda shi ma abin tambaya ne. A fulat kuwa an riga an haɗa ruwan shekara gaba ɗaya an ɗora miki tun ranar farko. Bayan biya shida, saura uwar kuɗi 300,000 da ruwa 108,000. Wasu za su yafe 108,000 ɗin. Wasu za su yafe wani ɓangare ta hanyar lissafin da ke tura mafi yawan ruwan zuwa watannin farko, ki ga abin da aka sassauta miki kusan dubu hamsin da takwas ne kawai. Wasu kuma za su ce sai kin biya 408,000 cif.

Na taɓa zama da wani tela da ya sami kwangilar ɗinkin kayan makaranta, ya zo da murnarsa zai sauke bashi saura wata biyar. Aka buɗe takardar da ya sa wa hannu, aka nuna masa layin da ya ce ruwan duka wajibi ne ko yaushe ya biya. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "To Malam, amfanin saurin nawa fa?" Ban sami amsar da zan ba shi ba, kuma har yau abin yana damuna, domin tambaya guda kafin sa hannu da ta raba shi da wannan. Ki yi ta ke: in na kawo kuɗinku a wata na shida, nawa zan biya? Su rubuta miki lambar.

Kada kuma in bar ki da zaton duk fulat cuta ce. Akwai inda shi da ridiyusin suke zama abu ɗaya, wato in ba a mayar da uwar kuɗi kaɗan-kaɗan. Manomin masara a Saminaka da ya karɓi rance da faɗuwar damina, ya riƙe shi gaba ɗaya har kaka, sannan ya biya a dunƙule, ya kwana a duk ɗakunan har ranar ƙarshe. A wajensa kashi 3 kashi 3 ne. Tsadar ɓoye tana fitowa ne daga biya kashi-kashi, kuma gwargwadon yawan kashin gwargwadon kusantarta da ninki biyu. Shi ya sa rancen da ake karɓa mako-mako, irin wanda ake bin mata da shi rumfa-rumfa, ya fi na wata-wata nisa tsakanin abin da aka faɗa da abin da ake biya, tunda tun mako na farko aka fara karɓe kuɗin. Ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata ma da yawa fulat suke yi, saboda sakatare zai iya lissafa shi da biro ba tare da kwamfuta ba, kuma kowa ya san abin da za a cire masa a albashi. In kason ƙarami ne, ribar kuma tana komawa ga 'yan ƙungiya a ƙarshen shekara, yana iya fin na banki sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da nake ƙi shi ne a ajiye lambar fulat kusa da ta ridiyusin a bar mutum ya zaɓi ƙaramar, alhali mai tallan ya san ba mudu ɗaya ba ne.

Na san kuma a garin nan da yawanmu maganar ruwa kanta ce damuwarsu, ba yawansa ba. Hukuncin wannan na malamai ne, su za ki tambaya. Ta fuskar lissafi dai, in kika nufi bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin Ja'iz da ya fara aiki a 2012, abin da za a fi yi miki a harkar kaya shi ne murabaha: banki ya sayi atamfar, ya sayar miki da riba sananniya, ki biya kashi-kashi. Ciniki ne, ba rance ba, kuma farashin da aka yanke ba ya ƙaruwa. Amma wajen gane nauyinsa a kan jarinki, awon bai canza ba. Ki sa yawan watanni, da biyan wata, da kuɗin kayan da aka damƙa miki a cikin lissafin RATE ɗin nan, ki ga abin da ta ba ki, sannan ki tambayi ko suna yin rangwame ga wanda ya biya da wuri, domin a wannan tsarin ba a ɗauka cewa dole ne.

Kafin ki koma wajensu, ki zauna da littafin shagonki ki duba watannin da kasuwa ta fi yin sanyi, irin tsakiyar damina. In a irin wannan watan shagon zai iya fitar da 74,000 ba tare da kin taɓa jari ba, ki nemi ridiyusin mai uwar kuɗi daidai, ruwansa 156,000 ne, shi ya fi duka sauƙi. In hakan zai matse ki, ki ɗauki mai 63,931, ƙarin kusan dubu goma sha ɗaya a shekara ya fi miki tarar makara. Ita ma tarar ki tambaya a kan me ake lissafa ta, a kan biyan watan da aka makara ko a kan duk bashin da ya rage, kuma ki tafi da ɗanki da wayarsa ranar sa hannu, ya buga lambobin da ke jikin takardar a gabansu.